Ragin Naira Dubu Ɗaya: Yadda Mai Shago Zai Gode Wa Abokan Cinikinsa Ba Tare Da Rigima Ba

A bara wani saƙo ya shigo wayata daga wani shagon takalma da na saba zuwa. An rubuta cewa shagon ya cika shekara biyar, ana godiya ga kowa da kowa, kuma an yi "gagarumin rangwame a kan dukkan kaya, sai kun zo." Kwana uku bayan haka na biya ta wurin da nufin sayo wa yarana takalman makaranta. Yaron shago ya dube ni, ya ce maigida bai faɗa masa komai ba. Ya kira shi a waya, maigidan ya ce ai ragin na takalman mata ne kawai, kuma ma jiya aka rufe. Na biya kuɗin da aka saba, na fito da kayana. Kuɗin da na yi tsammanin za a rage mini bai taka kara ya karya ba, amma har na isa gida raina a ɓace yake, kuma tun daga ranar ban sake taka ƙofar shagon ba. Na tabbata mutumin bai yi nufin cutata ba. Ya yi niyyar godiya ne, sai ya rubuta ta yadda ta koma masa ɓatanci.

Irin wannan sanarwa ta zama ruwan dare a garuruwanmu. Masu gidan burodi, teloli, masu sayar da turaren wuta da humra, masu wankin mota, duk wanda sana'arsa ta zagayo shekara yakan so ya ce wa mutane na gode, ya haɗa da ɗan ragi. Abu ne mai kyau, kuma ya dace da al'adarmu, domin tun kafin zuwan waya mai awo yakan ƙara maka gyara a kan kwano, mai goro ya ɗora maka ɗaya a sama. Sai dai gyara a hannu ake ba da ita, ido na ganin ido, babu wanda ya yi maka alkawarinta tun kana gida. Sanarwar ragi kuwa alkawari ce da aka yi wa mutane ɗaruruwa a lokaci guda, kowannensu zai karanta ta a gidansa, ya fassara ta yadda ta fi yi masa daɗi, sannan ya hau adaidaita sahu ya zo ya nemi a cika masa.

Akwai wata yayata da ke da shagon atamfa a cikin unguwa a Kano. A Kantin Kwari take saro kaya, ta sayar wa matan unguwa da masu haɗa lefe. Da shagon ya kusa cika shekara uku ta kira ni, ta ce tana so ta yi wa mutanenta ragin kashi 10 cikin ɗari, in taya ta rubutawa. Na ce mata, Yaya, kafin mu rubuta komai ɗauko littafin cinikinki mu yi lissafi.

Atamfar da ta fi tafiya a shagonta tana saro turmi ɗaya, mai yadi shida, a kan naira 17,000 idan an haɗa da kuɗin dako da na mota, ta sallama shi a kan naira 20,000. Ribarta a kowane turmi naira 3,000 ke nan. A mako mai matsakaicin ciniki takan sayar da turmi 60 na wannan nau'i, wato ribar naira 180,000, wadda daga cikinta ne za a fitar da kuɗin haya, da na yarinyar shago, da na wuta. To, kashi 10 cikin ɗari na 20,000 naira 2,000 ne. A kunne ba shi da yawa. Amma wannan 2,000 ba daga uwar kuɗi za ta fita ba, domin mutumin Kwari ba zai rage mata ko sisi don shagonta ya cika shekara uku ba. Daga cikin ribar 3,000 za ta fita, ya rage saura 1,000. Kashi biyu cikin uku na ribarta ya tafi ke nan. Idan tana so ta tashi da 180,000 ɗin da ta saba samu, sai ta sayar da turmi 180 a makon, ninki uku na cinikin da ta saba. Ta yi shiru, sannan ta ce ko a jajibirin Sallah ba ta taɓa sayar da haka ba.

A nan ne yawancin ƙananan 'yan kasuwa ke faɗawa rami. Suna auna ragin da farashin kaya, alhali da riba ya kamata a auna shi. Da ta yi ƙarfin hali ta ce kashi 15, da ta yi mako guda tana ɗaga turame tana saukewa a banza, babu ko kobo a sama. Da muka sauko zuwa kashi 5, wato naira 1,000 a kowane turmi, sai riba ta tsaya a 2,000, kuma turmi 90 za su mayar mata da abin da ta saba samu. Daga 60 zuwa 90 tsalle ne, amma tsalle ne da ƙafa za ta iya. Ko da mutane ba su ƙaru ba sam, aka tsaya a turmi 60, abin da za ta rasa naira 60,000 ne, kuma ta ce wannan za ta iya ɗauka a matsayin kyauta ga mutanen da suka riƙe ta shekara uku. Tambayar da na ga ya kamata kowane mai shago ya yi wa kansa ke nan tun farko: idan ragin bai jawo ko mutum ɗaya sabo ba, nawa zan rasa, kuma zan iya kwana da wannan asarar?

Bayan lissafi sai muka zo kan abin da na ɗauka shi ne ƙashin bayan maganar a ƙasar Hausa. Mu mutane ne masu tayi. A yawancin shagunanmu babu farashi ɗaya tsayayye. Akwai kuɗin da ake faɗa, akwai kuɗin da ake sallamawa. Yayata takan ce wa baƙuwar fuska turmi 23,000 ne, a taya, a ce albarka, a ƙara, har a haɗu a 20,000. To idan ta rubuta "ragin kashi 5 cikin ɗari," daga wane kuɗi za a cire? Idan daga 23,000 ne, za a tashi a 21,850, wanda ya fi abin da tsohuwar abokiyar ciniki ta saba biya, kuma za ta gane nan take cewa an mayar da ita sakarai. Idan kuma ba a faɗi komai ba, mai saye za ta yi tayinta har ta kai 20,000, ta ce to yanzu a cire ragin, bayan an cire ta sake cewa "Hajiya, ba za ki duba ni ba?" Kashi kaza cikin ɗari yana aiki ne a kantin da aka manna wa kowane kaya farashinsa. A shagon da ake tayi kuwa, maganar ba ta da tushe sai an faɗi kuɗin da baki.

Saboda haka muka bar zancen kashi gaba ɗaya, muka rubuta naira: turmin da ake sallamawa 20,000, a wannan mako 19,000 ne, kuma babu tayi a kansa. Kowa ya san 1,000, babu wadda za ta tsaya lissafi a waya, babu gardama da yarinyar shago. Akwai kuma wani amfani da ban hango ba sai daga baya. Da ta rubuta 20,000 a fili, ta ɗaure kanta da gaskiyar tsohon farashinta, kuma matan da suka saya a kan haka watan jiya su ne shaidunta. Dabarar nan ta ɗaga farashi mako guda kafin sanarwa, sannan a "rage" shi zuwa inda yake a da, algus ce ko da wane suna aka kira ta, kuma a cikin unguwa ba ta ɓuya, domin mata suna haɗuwa a gidan biki da gidan suna, suna tambayar juna nawa kika saya. Doka ma ba ta bar wannan ba. Dokar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke aiwatarwa, ta haramta yi wa mai saye bayanin ƙarya ko mai ruɗarwa a kan kaya ko farashinsu, ta kuma hana a karɓi kuɗin da ya wuce farashin da aka nuna. Ƙaramin shago ba kasafai zai ga jami'an hukuma a ƙofarsa ba, na sani. Hukuncin unguwa ne ke riga isowa.

Sai maganar iyaka. Ragin 1,000 ga mai sayen turmi ɗaya kyauta ce ƙarama. Ga mai saro kaya ta kai ƙauye kuwa, turmi 40 a wannan farashi naira 40,000 ce ta faɗo mata, kuma tana iya kwashe zanen da ya fi kyau tun safiyar Litinin, matan da aka yi abin dominsu su zo su tarar da saura. Muka sa turmi uku ga mutum ɗaya. Muka kuma ware turmi 100 kacal domin ragin, yadda komai cikar da aka yi, abin da za ta bayar ba zai wuce naira 100,000 ba. Muka ambaci cewa leshi da shadda ba sa ciki. Yayata ta ɗan ja baya a nan, ta ce kada mutane su ga kamar rowa ce a jera musu abin da ba za a ba su ba. Na tuna mata da takalman yarana. Wadda ta karanta a gida cewa leshi ba ya ciki ba za ta ji komai ba. Wadda ta zaɓi leshi, aka ninke mata, aka sa a leda, sannan aka ce ai ba ya ciki, ita ce za ta ji an ci mata fuska a gaban mutane.

Bashi ma sai da muka taɓa shi, domin rabin cinikin shagon unguwa a kansa yake tafiya. Akwai masu ɗaukar kaya su biya ƙarshen wata, akwai masu ba da kafin alƙalami su ce a ajiye musu, akwai masu jiran kwasar adashi. Idan ba a faɗa ba, wadda ake bin kuɗin turmi biyu tun watan jiya za ta zo biya a makon ragi ta ce a cire mata 2,000. Muka rubuta cewa ragin na wadda ta biya kuɗinta cif ne a cikin kwanakin, ko a hannu ko ta tiransifa, kuma bai shafi tsohon bashi ba.

Ranar rufewa ita ce wurin da na fi ɗaukar lokaci a kai, saboda harshenmu da lissafin kwanakinmu suna da wasu ƙofofi da rigima ke shigowa ta cikinsu. "Na ɗan lokaci ne" ba rana ba ce. "Har ƙarshen wata" ma tana da baki biyu, tun da akwai watan Bature akwai watan Musulunci, kuma dattijuwa da yawa da na biyun suke lissafi. "Har zuwa Sallah" ta fi su duka santsi, domin ranar Sallah sai an ga wata, kuma ba a san ko jajibiri ake nufi ko har da kwanakin yawon Sallah ba. Hatta "daren Juma'a" sai an yi hattara, domin a wurin Bahaushe daren Juma'a shi ne daren da ke biyo bayan yinin Alhamis, alhali yaron da ya tashi da lissafin boko zai ɗauka bayan magaribar Juma'a ake nufi. Ita kanta "zuwa Asabar" tana barin tambaya: Asabar ɗin tana ciki, ko daga Juma'a an gama? Maganin duk wannan shi ne a rubuta sunan rana, da kwanan wata, da shekara, da ƙarfe nawa. Shekarar ba ƙawa ba ce. Saƙon waya ba ya mutuwa. Wata za ta tura wa wata, ya yi ta yawo, bayan wata goma sha ɗaya wani ya tono shi ya zo yana nuna maka a fuskar wayarsa.

Ga abin da muka fitar a ƙarshe, aka tura wa abokan ciniki ta WhatsApp, aka kuma rubuta shi a kwali aka manna a ƙofar shago:

"Assalamu alaikum. Da yardar Allah shagonmu ya cika shekara uku a wannan wata. Mun fara da turmi ashirin a kan benci ɗaya, ku ne kuka saya, kuka dawo, kuka kawo mana 'yan'uwanku da masu haɗa lefe. Mun gode, Allah Ya saka da alheri. Domin nuna godiya, atamfar da muke sallamawa naira 20,000 za ta koma naira 19,000, daga Litinin 3 ga Nuwamba zuwa Asabar 8 ga Nuwamba, 2025, da ƙarfe 6 na yamma. Turmi 100 muka ware. Idan suka ƙare kafin Asabar za mu sanar. Mutum ɗaya turmi uku. Babu tayi a kan wannan farashi. Leshi da shadda ba sa ciki. Ragin na wadda ta biya kuɗi cif ne a cikin waɗannan kwanaki, bai shafi bashi ba."

Mai karatu zai lura cewa godiyar ce a gaba, kuma ba ta da tsawo. Na ga sanarwoyi da yawa da ake cika layi goma da kirari, shagon da babu kamarsa, inganci na ƙarshe, kafin a tuna da mutanen da aka ce ana gode wa. Abin da ya sa godiyar yayata ta shiga ran mutane shi ne turmi ashirin da benci ɗaya. Gaskiya ce, kuma akwai matan da suka zauna a kan wannan bencin. Wata ta turo mata amsa cewa ta tuna ranar da ruwa ya tare su a shagon har magariba. Abu ɗaya na gaskiya daga tarihin shago ya fi kalmomin yabo ashirin, domin shi ne ke nuna cewa mai shagon ta san da wa take magana.

Kwana shida muka zaɓa da gangan. Yini ɗaya ya yi kaɗan ga matar da sai ta nemi izini, ta jira maigida ya ba da kuɗi, ko ta jira ranar da ba ta da aiki. Wata guda kuma ya yi yawa, domin kafin ya ƙare 19,000 ta zama farashin da kunne ya saba da shi, ranar da aka koma 20,000 sai a ce Hajiya ta ƙara kuɗi. Farkon wata ne kuma, lokacin da albashi bai gama narkewa ba. Da ranar shagon ta faɗo cikin goman ƙarshe na azumi, da na ba ta shawara ta yi godiyar a ranar, ta ɗage ragin zuwa bayan Sallah, tun da a wannan lokaci ko ba ragi mutane za su saya, bayan Sallah kuwa kasuwa kan kwanta.

Daren Lahadi ta zaunar da yarinyar shago, suka karanta sanarwar tare layi bayan layi, ta yi mata tambayoyi kamar ita ce mai saye. Idan mace ta zo da ƙanwarta ta ce ita ma uku za ta ɗauka fa? A ba ta, mutum biyu ne. Idan ta ce ta tura kuɗi amma alat bai shigo ba? A ajiye mata kayan da sunanta, in dai rasit ɗin ya nuna ta tura kafin ƙarfe shida na Asabar tana cikin ragi, amma kaya ba sa fita sai kuɗi sun shigo asusu. Aka ware shafi guda a littafi, kowane turmin ragi a ja masa layi, don a san lokacin da aka kusa ɗari.

Jarrabawar ta zo ne ranar Litinin ta gaba, bayan an rufe. Wata aminiyar mahaifiyarmu, wadda tun ranar farko take sayayya a shagon, ta zo ta ce ta yi tafiya ne, a yi mata farashin makon jiya. Wannan wuri ne mai wuya, kuma duk wanda ya ce a yi wa irin wannan dattijuwa maganar doka bai san zaman unguwa ba. Yayata ta ce mata, "Mama, ragin ya rufe tun Asabar, kuma na hana wasu jiya, idan na yi miki sun ji ba zan iya kallonsu ba." Ta karɓi 20,000 cif, sannan ta ɗauko ɗankwali cikin na shago ta sa mata a leda, ta ce wannan nawa ne na ba ki. Dattijuwar ta fita tana sa albarka. A ganina haka ya kamata: ranar rufewa ta tsaya inda aka ce, alheri kuma ya bi ta hanyar gyara da muka gada. Wanda ya ɗage ranar rufewa sau ɗaya ya koya wa mutanensa cewa kwanan watan da yake rubutawa wasa ne, baɗi kuma babu mai gaggawar zuwa.

Da aka rufe littafi, turmi 84 aka sayar a makon. Riba ta kama naira 168,000, wato ta gaza makon da aka saba da naira 12,000. Makon da ya biyo baya ma ciniki ya ɗan ja baya, domin wasu da za su saya a lokacin sun riga sun saya, kuma duk mai son sanin gaskiyar abin da ragi ya ci masa sai ya haɗa makonnin biyu ya duba. Ba ta ci riba da ragin ba, kuma tun farko ba ta sa rai ba. A cikin shafin nan na layuka akwai sunaye goma sha ɗaya da ba ta taɓa gani ba, huɗu daga cikinsu sun dawo kafin ƙarshen shekara, ɗaya da jerin kayan lefe. A kwana shidan nan ba a ɗaga murya a shagon ko sau ɗaya ba.

Idan kana da shago, ko ke mai sana'a a cikin gida, kuma ranar zagayowar shekara ta matso, kafin ka tura sanarwarka ka miƙa ta ga wani da bai san komai a kan shirin ba, ƙaninka ko maƙwabcinka. Ka tambaye shi nawa zai biya, a kan wane kaya, guda nawa zai iya ɗauka, kuma wace rana da ƙarfe nawa za a rufe. Idan ya amsa duka huɗun bai waiwayo ya tambaye ka ba, ka tura. Idan ya yi tuntuɓe a ɗaya, ka koma ka gyara wannan layin tukuna.